Jimlar da ta so ta ba ni kunya

Jiya da daddare a ɗakina nan Ibadan nake gwada jawabin da zan yi a taron ɗaliban Arewa kan makarantunmu na gida. A takarda lafiya lau. Ina ɗaga murya sai harshena ya sarƙe a nan: "Ƙarancin ƙwararru ya ƙara ƙuntata karatu." Ƙ huɗu, sannan k. Wallahi sau uku ina cewa "ƙaratu".

Sai na mayar da ita: "Malamai masana sun yi kaɗan, shi ya sa karatu ke wuya." Ma'ana ɗaya, baki ya huta.

'Yan uwa, ido ba ya kama wannan matsalar. Ku karanta da ƙarfi, da sauri. Inda kuka yi tuntuɓe sau biyu, ku ja layi, ku canza kalmar.