F ɗin da na gyara: share ta za a yi, ko tana nan?

1/ Masu kariyoba, ku matso. Kafin ku fara lissafin makin da kuke nema, ku binciki abu ɗaya: in kun sake kwas, makarantarku tana share tsohuwar F ko tana barinta cikin lissafi?

2/ Ga nawa. Yunit 40 na yi, maki 132, CGPA 3.30 ke nan. A ciki akwai F a kwas mai yunit 3. Burina 3.50, inda 2.1 ke farawa.

3/ In ana sharewa, yunit na nan a 40. Maki 140 nake buƙata, saura 8 kawai. C tana ba da 3 × 3 = 9, wato 141 ÷ 40 = 3.53. Cin 50 a jarabawar ya ishe ni.

4/ In ba a sharewa, kwas ɗin ya shiga lissafi sau biyu, yunit ya koma 43. Ko A na ci, 147 ÷ 43 = 3.42 ne. Wallahi da ciwo. Dole sauran kwasa-kwasan su cike giɓin.

5/ Yadda na gane tsarinmu: na duba jimillar yunit a takardar sakamakona bayan na sake kwas ɗin. 43 na gani.