Daren da cajin mota ya kusa ƙona mana gida a Yauri

1/ Muna zaune a bakin tafkin Kainji, dam ɗin da ke ba ƙasa wuta tun 1968, amma cajin motata mai batir sai da ya kusa tayar mana da gobara. Ku biyo ni, kada wani ya maimaita.

2/ Motar ƙirar Sin ce, daga Kano na sayo ta. Na yi odar kebul, aka aiko min Type 2, irin na Turai. Ya ƙi shiga. Ashe bakin motar GB/T ne. A ido kamar tagwaye suke, kowanne ido bakwai. Amma a Type 2 tsinkayen suna jikin mota, a GB/T kuwa suna jikin kebul. Kuɗina sun tafi. Kafin ka biya, ɗauki hoton bakin motarka ka tura wa mai sayarwa.

3/ Sai na koma wa ƙaramar cajar da ta zo da motar. Wutar amfiya 10 take ja, wajen kilowat 2.3. Batirina kilowat-awa 40 ne. In na zaga Wara da Shanga na dawo da kwata, saura 30 ke nan: awa 13 cur. Ina za ka samu wutar awa 13 a jere?

4/ Wani dare na jona ta da ekstenshin ɗin kasuwa, na kwanta. Wajen ƙarfe biyu Hajiyarmu ta buga min ƙofa: "Kai, ba ka jin ƙauri?" Soket ya narke, ya yi baƙi ƙirin, ɗakin yara kuma na jikin bangon. Dutsen guga yana jan wuta yana hutawa. Mota ba ta hutawa, kwana take ja.

5/ Washegari mai gyaran wuta ya ce, "Yallaɓai, waya za ka fara saya, ba caja ba." Ya ja layi na daban daga allon wutar gidan: wayar tagulla 6mm, bireka 40A, na'urar da ke yanke wuta in ta zurara, da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Sannan muka ɗora cajar bango mai amfiya 32, kilowat 7. Yanzu awa biyar ta ishe ni.

6/ Na so in sayi mai kilowat 22. Ya hana ni. Wannan sai gida mai layi uku, kuma cajar cikin motata 7 kaɗai take karɓa. Ko teku ka kawo, bakin tulu ɗaya ne.

7/ Har yau, in caji ya yi rabin awa, nakan taɓa filogi da kebul. Ɗumi-ɗumi ba komai. In ya yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba, kashe. Hajiya kuwa har gobe sai ta leƙa ta shinshina kafin ta kwanta.