Wata huɗu muna zuwa aiki babu albashi

A zaman da ya wuce mutum uku sun tare mu bayan an tashi, kowanne da magana iri ɗaya: wurin aikinsu an riƙe musu albashi, su ci gaba da zuwa ko su bari? Da yake abin ya taɓa mu, muka ga gara mu rubuta yadda tamu ta kasance, ko wani zai tsira daga kuskuren da muka yi.

Mu goma sha ɗaya ne a wani kamfani mai rarraba kayan masarufi a nan Legas: direbobi huɗu, masu lodi huɗu, masu gadi biyu, da mai kula da sito. Yawancinmu a Agege muke zaune. Shekara uku ana biyanmu a ƙarshen wata, in an makara ƙwarai a kai biyar ga sabon wata. Albashin Janairun 2025 shi ne na ƙarshe da ya zo a kan lokaci. Na Fabrairu sai tsakiyar Maris ya shigo, muna cikin azumi. Muka ce alhamdu lillahi, tunda dai ya zo. Na Maris aka ba mu rabi ana gobe ƙaramar Salla, aka ce sauran sai an dawo hutu. Afrilu ya wuce babu ko kwabo. A Mayu aka ba kowa wani abu a hannu. Babbar Salla ta riske mu a farkon Yuni, ba mu aika wa kowa komai a gida ba, watan kuma ya ƙare shiru.

Abin da ya fi cin rai a irin wannan hali shi ne ba korar ka aka yi ba. Wanda aka kora ya san matsayinsa, zai tashi da safe ya nemi wani abu. Mu kuwa kullum bayan sallar asuba muna tasha muna jiran mota, mu wuni muna ɗaga kwali, mu dawo bayan isha'i. Mai gida yana ganinka kana fita da kayan aiki, don haka in ka ce masa ba ka da kuɗin haya sai ya ɗauka raini ne. Mai shago da ke ba ka bashin shinkafa shi ma haka. Iyaye a gida su buga waya, ka ce a ƙara haƙuri, su yi shiru irin shirun da ka san ba su yarda ba. Ɗaya daga cikin direbobinmu ya ce da mu matarsa ta tambaye shi ko aure yake shirin ƙarawa. Muka yi dariya, shi bai yi ba. Kowa wayarsa na aljihun gaba, da ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi, ya duba ya tarar ba saƙon banki ba ne.

Me ya hana mu bari? Kuɗinmu da ke hannunsu. A wata na farko ka ce ba za ka tafi ka bar albashin wata guda ba. A wata na uku ka ce yanzu ma ai ba zai yiwu ba, kuɗin sun yi yawa. Ashe bashin da kake bin kamfani shi ne igiyar da ta ɗaure ka, kuma kowane wata ƙara kauri take yi. Manaja ma ya san haka. Duk lokacin da ya ga rai ya fara ɓaci sai a fito da dubu goma ko ashirin a raba, a ce a riƙe wannan kafin mako mai zuwa.

Ranar da idonmu ya buɗe ita ce ranar da muka zauna da takarda da biro a bayan sito. Ga lissafin mai kula da siton, wanda albashinsa naira 120,000 ne. Daga Maris zuwa Yuni wata huɗu ne, abin da ya kamata ya karɓa 480,000. An ba shi 60,000 a Maris da 40,000 a Mayu, wato 100,000, saura 380,000. Kuɗin motarsa zuwa da dawowa 1,800 ne a rana, yana aiki kwana 26 a wata, ya zama 46,800. A wata huɗu ya kashe 187,200 a mota kaɗai. Ke nan abin da ya kashe don ya je aikin ya fi abin da aikin ya ba shi da naira 87,200, kuma dukansu bashi ya ci, ban da abincin rana. Da muka ga haka sai kowa ya yi tsit. Muna cewa haƙuri muke yi, ashe rance muke ciwowa muna ɗaukar nauyin kamfanin wani.

Da muka waiwaya kuma muka ga alamun sun daɗe da bayyana. Ta farko ita ce fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ɗora kashi 10, a tura wa kamfanin fansho cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Mu biyar da aka yi wa rajista mun daina samun saƙon shigar kuɗin tun kafin ƙarshen 2024, alhali ana ci gaba da cirewa, ba wanda ya kula. Ta biyu ita ce hanyar biya. Da daga asusun kamfani kuɗi ke shigowa da sunan wata a jiki, sai ya koma daga asusun manaja, daga baya ya koma tsaba a hannu ba sa hannu. Ta uku, manyan motocin da ke kawo kaya suka ragu, masu kawowa suka fara cewa sai an biya tukuna za su sauke. Duk wanda ya ga waɗannan a wurin aikinsa, ya fara shiri tun albashi bai tsaya ba.

A lokacin an kawo shawara biyu, kuma mun gode Allah da ba mu bi ko ɗaya ba. Wasu suka ce kowa ya ɗebi kaya daidai kuɗinsa, direbobi su sayar da man mota. Babban mai gadinmu, dattijo ne, ya ce: "Ku saurara, yarana. Yau mu ke bin sa bashi. In kwali ɗaya ya fita daga nan, gobe shi zai kira mana 'yan sanda, kuɗinmu ya tafi, sunanmu ya ɓaci." Wasu kuma suka ce kawai mu daina zuwa. Wani lauya ɗan unguwarmu ya hana mu. Ya ce wanda ya ɓace ba sanarwa ya ba mai kamfani abin faɗa, zai ce gudun aiki ya yi, ya nemi zabtare kuɗin sanarwa daga haƙƙinsa.

Shi ya nuna mana abin da Dokar Ƙwadago ta tanada ga irinmu, leburori da direbobi da ƙananan ma'aikatan ofis. Albashi ya zama wajibi a ƙarshen lokacin da aka yi yarjejeniya a kansa, kuma tazarar biya ba ta wuce wata ɗaya. Mai aiki zai ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Wanda zai bar aiki, in ya yi tsakanin wata uku da shekara biyu sanarwar mako ɗaya ce a kansa, daga shekara biyu zuwa biyar mako biyu, daga biyar zuwa sama wata ɗaya, kuma a rubuce, sai dai in takardar ɗaukarsa ta faɗi wani abu daban. A nan muka gane rauninmu: cikin mu goma sha ɗaya, huɗu ne kawai ke da takardar ɗaukar aiki. Sauran da baki aka ɗauke su, wani ɗan uwa ya kawo su. Lauyan ya ce hakan bai kashe haƙƙinsu ba, amma sai sun kawo shaida: takardar bayanin asusu daga banki mai nuna shigar albashi wata bayan wata, katin shaidar aiki, da hoton littafin da muke sa hannu kowace safiya. Washegari muka ɗauki hoton kowane shafi.

Sai muka rubuta wasiƙa ɗaya, shafi guda, babu zagi babu barazana. Sunan kowa, albashinsa, abin da aka ba shi da ranar da aka ba shi, da abin da ya rage. Muka roƙi a tabbatar da lissafin a rubuce, a kuma faɗa mana ranakun biya cikin kwana goma sha huɗu. Muka yi kwafi biyu, muka tsaya sai da akanta ya buga hatimi ya sa kwanan wata a namu. Ya so ya ƙi, muka ce ba cewa muka yi ya biya ba, ya nuna ya karɓa kawai. Wa'adi ya cika ba amsa, muka kai ƙorafi cibiyar sulhu ta gwamnatin Jihar Legas da ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, inda ba a karɓar kuɗi. Lauyan ya ce in sulhu ya gagara akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, akwai kuma kotun ma'aikata ta ƙasa a Ikoyi, amma shari'a tana cin lokaci, gara a fara da sulhu.

Mai kamfanin da muka yi wata uku ba mu sa shi a ido ba, takardar gayyata na isa ya zo da kansa. Ya ce abokan ciniki sun riƙe masa kuɗi, kuma muna jin akwai gaskiya a ciki. Amma ya amsa lissafinmu, ya sa hannu zai biya kashi uku. Kashi na farko ya zo a kan lokaci, na biyu ya makara da mako biyar, na uku har yau muna bi. Mai kula da sito ya karɓi kusan 253,000 cikin 380,000. Mu bakwai mun ba da sanarwa mun bar aikin, huɗu suna nan saboda ba su sami wani wuri ba. Ba mu ga laifinsu ba, mai 'ya'ya shida ba ya sakin na hannu da sauƙi. Abin da ya canza shi ne wanda ya tafi da wanda ya zauna duk takarda ɗaya ce ke kare su, ba sai mutum ya tsaya gadin bashinsa da jikinsa ba.

Da za a mayar da mu baya, da tun a Afrilu muka rubuta wasiƙar, ba a Yuli ba. Kunya ce ta hana mu, da tsoron kada a ce mun cika gaggawa, da ganin cewa mu baƙi ne a garin mutane. Wannan kunyar ta ci wa kowannenmu kuɗin motar wata uku.

Don haka 'yan uwa uku da suka tambaye mu, da duk wanda ke cikin irin wannan hali bai faɗa ba, amsarmu ita ce ba za mu ce muku ku bari ko ku zauna ba, kowa ya san nauyin da ke kansa. Amma ku zauna yau ku yi lissafin nan: nawa ake binku, nawa kuke bi, nawa zuwa aikin yake ci muku a wata. Kada ku ƙara karɓar kuɗi a hannu ba tare da an rubuta na wane wata ne ba. Wanda rubutu ke ba shi wahala ya same mu bayan zaman ranar Lahadi da takardar bankinsa, za mu zauna mu rubuta tare. Allah Ya ba kowa halalinsa, Ya rufa mana asiri.

Sakatare