Yadda Na Ba Iya Labarin Shaihu Umar

Kakata, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa shiga aji ba. Wani dare bayan sallar isha ta iske ni a zaure ina shirya darasin gobe, da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a hannuna. Ta ce, "Kai mai gidana, me ke cikin takardar nan da ya hana ka cin tuwo?"

Na ce labari ne da marigayi Firayim Minista ya rubuta don gasar ƙagaggun labarai ta 1933, tun yana malamin makaranta kamata. Sai ta gyara zama, ta ce in ba ta.

Da farko na yi kuskure, na buɗe shafin farko na shiga karantawa. Littafin ya fara ne da Shaihu Umar yana malami a Rauta, almajirai sun tambaye shi asalinsa, shi kuma yana ba su labari da bakinsa. Ban yi nisa ba Iya ta katse ni. Ta ce, "Yanzun nan ka ce tsoho ne, yaya kuma ake goyonsa?" Nan na gane cewa mai karatu yana iya komawa baya ya duba, amma mai saurare ba shi da wannan dama. Na rufe littafin, na ɗauko labarin daga haihuwa, na zubar da sunayen da ba dole ba, na ce mata:

"Iya, a garin Kagara aka yi wata mata, mijinta ya rasu ya bar ta da ciki. Ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Umar. Daga baya ta auri wani bafaden sarki, Makau, mutumin kirki. Fadawa suka yi masa hassada, suka ce ya ɓoye bayi daga cikin waɗanda aka kamo. Sarki ya kore shi. Kafin matar ta bi mijinta, sai ta tafi ganin iyayenta, ta bar yaron wajen wata. Kafin ta dawo an sace shi."

Iya ta yi salati, ta ce, "Ba a barin yaro."

"Yaro ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan, har aka kai shi Kano. Wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi, ya ƙetare Sahara da shi zuwa ƙasar Masar. Bai wulaƙanta shi ba, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Uwa kuwa ta bazama nema. A Kano aka yaudare ta, aka ce za a kai ta wurin ɗanta, ashe baiwa aka mayar da ita. Haka ta ƙetare rairayi, har ta ƙare a Tarabulus."

Ina ambaton Tarabulus sai na ji harshena ya yi nauyi. Baffana, autan Iya, ya bi ta Agadas zuwa Libiya neman kuɗi tun ina saurayi. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru har yau. A gidanmu ba a kiran sunansa gabanta. Ga shi kuma na san ƙarshen littafin, uwar ba ta daɗe ba bayan haɗuwarsu. Zuciyata ta ce in gyara, in ce sun dawo gida tare. Wa zai ƙaryata ni, tunda ba za ta iya dubawa ba? Amma wannan dalilin ne ya hana ni. Ɗalibina in na karkata labari gobe zai kama ni, ita kuwa ba ta da wani littafi sai bakina.

Na ce, "Umar ya yi mafarki, hankalinsa ya tashi zuwa ga uwarsa. Ya kama hanya, Allah ya haɗa su a Tarabulus, ta tsufa, wahala ta cinye ta. Ba a jima ba ta rasu. Shi kuma ya dawo ƙasar Hausa, ya zauna a Rauta yana karantarwa."

Iya ta yi shiru, tana jan carbi. Can ta ce, "Ta gan shi da idonta?"

Na ce, "Ta gan shi, Iya."

"Ya san ita ce?"

"Ya sani."

Ta ce, "To, ai ba ta yi asarar tafiya ba."

Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa jigon littafin nan shi ne bauta da haƙuri da neman ilimi, ina kuma ba da maki a kan haka. A wajen Iya kuwa labarin na uwar ne, har ta ce me ya sa ba a sa wa littafin sunanta ba.

Da ta tashi shiga, ta dafa ƙofar zaure ta ce, "Gobe ka sake ba ni. Amma in ka zo Tarabulus, kada ka yi sauri."