Ranar da takardar wuta ta kusa raba mu

Wata guda firijin ƙanƙarar ƙungiyarmu ya ci kilowat 180. Muka ninka da kuɗin mataki na ƙarshe, lissafi ya ƙi daidaita, har aka fara yi wa ma'ajiya kallon zargi. Ashe kuskuren namu ne, don kowane mataki da kuɗinsa.

Ga misali da ƙididdiga mai sauƙi. A ce kilowat 50 na farko sefa 60 ne kowane, 3,000 ke nan. Sai 100 na biye a kan 80, wato 8,000. Saura 30 a kan 100, wato 3,000. Jimla 14,000, kafin haraji da sauran kuɗin wata. Mu kuwa 18,000 muka lissafa.

Inda kwantar ke raba awoyi, sai a ware kashi biyu. A ce lokacin cunkoso sefa 120 ne, sauran lokaci 70. Injin niƙan da ya ci kilowat 40 cikin cunkoso zai biya 4,800, in an kauce masa kuwa 2,800. Awoyin suna cikin takardar yarjejeniya.

Ma'ajiya dai mun ba ta haƙuri gaban kowa.