Dabinon Yaya da ƙaryar da ban san na yi ba

Yayata tana sayar da dabinon kwarurukan Gure, wanda ke fitowa daga gonakin nan na cikin rami da tuddan rairayi suka kewaye a ƙasar Muniyo. Shagonta ba ya da ƙofa ko kanta. Wayarta ce shagon: ta ɗora hoto a WhatsApp, mai so ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, ita kuma ta kai kaya tasha a saka a motar Damagaram, Maraɗi ko Yamai. Da yake ni ne ɗan lakwal na gidan, ni ta ɗora wa rubuta tallar.

Gab da azumin 2024 ta ɗauki adashenta, jika sittin cif, ta zuba duka a dabino. Na zauna na rubuta abin da nake gani kowa yana rubutawa: “Dabino mai daɗi na ƙarshe! Lamba ɗaya! Laushi kamar zuma! Sai wanda ya gwada! Ku yi sauri kafin ya ƙare!” Na jera hotunan wuta da zuciya a ƙarshe, na ji kaina marubuci.

Wata Hajiya a Yamai ta sayi tiya biyar. Bayan kwana uku sai ga saƙon murya. Ba ta zagi kowa ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Cewa ta yi: “Ƴata, kin ce laushi kamar zuma. Wannan ai sai da turmi. Na saya ne don surukata, ba ta da haƙora.” Yaya ta mayar mata da rabin kuɗinta, ta kashe waya, ta juyo ta dube ni.

Na ce, “Yaya, ai talla ce, kowa haka yake rubutawa.”

Ta ce, “Auta, kowa ne ya biya rabin kuɗin, ko ni?”

Gaskiyar ita ce dabinon da muka saya busasshe ne, mai tauri, ƙanana. Wanda ya ji “laushi” a Yamai, dabinon Aljeriya yake hangowa, Deglet Nour, mai sheƙi da danƙo. Namu ba shi ba ne, kuma ba laifinsa ba ne. Ni na saka masa rigar wani. A kasuwar Gure wannan ba zai faru ba, don mai saye zai ɗauki ɗaya ya gatsa kafin ya taya. Amma tsakaninmu da Yamai akwai fiye da kilomita dubu. Hajiya ba ta da hannu ko haƙori a kan kayan, rubutuna ne hannunta, shi ne kuma ya yaudare ta.

Washegari na ajiye waya na ɗauko tabarma. Na tambayi kaina: da ni ne mai saye a gaban buhu, me zan yi? Zan ɗaga in ji nauyi, in gatsa, in tsaga in duba ciki, in tambayi kuɗi. To, abin da ya kamata rubutun ya yi wa wanda ke nesa ke nan.

Na fara da awo. “Tiya” kalma ce mai santsi, don tiyar wani ta fi ta wani, kuma akwai mai cikawa da tozo, akwai mai shafewa. Na kai tamu wurin mai shago na unguwa ya ɗora a sikeli: kilo biyu da ɗan ɗoriya. Na rubuta kilo biyu, na bar ɗoriyar ta zama abin da mai saye zai tarar da kansa.

Sai na tsaga guda hamsin da wuƙa. Uku na da ɗan baƙin gari a kusa da ƙwallo, alamar ƙwaro ya shiga. Nan muka yi gardama. Yaya ta ce, “Yanzu wannan ma sai ka faɗa? So kake ka kore mini mutane?” Na ce idan ba mu faɗa ba, bakin mai saye ne zai faɗa masa, a lokacin buɗa-baki kuma. Muka tsaya a tsakiya: muka zauna da ƙanne muka tsince duk mai huda, muka bushe rairayi da faifai, amma duk da haka na rubuta cewa a riƙa tsagawa kafin a ci.

Na ƙarshe shi ne taurin nan da ya ja mana asara. Na tambayi Inna me ake yi da busasshen dabino, ta yi dariya ta ce wai ɗan lakwal bai san abin da yake ci ba. Shi ake dakawa a fura, shi ake markaɗawa da aya, kuma ba ya narkewa ya dunƙule cikin leda a zafin mota kamar mai danshi. Na jiƙa guda goma a ruwa bayan la'asar, kafin magariba sun yi taushin da yatsa ke shiga. Ashe abin da nake ɓoyewa shi ne abin sayarwar, ga wanda ya dace.

Ga abin da na rubuta:

“Busasshen dabinon Gure, ƙanana, mai tauri. Ba mai laushi ba ne irin na Aljeriya. Ya fi dacewa da fura da kunun aya. Idan don buɗa-baki ne, a jiƙa tun la'asar. An tsince, an bushe rairayi, amma a tsaga kafin a ci. Tiya ɗaya kilo biyu, 2.500 F. Kuɗin mota na mai saye ne, muna faɗa kafin a biya.”

Na ɗauki hoto da safe a inuwa, dabino a tafin hannun Yaya don a ga ainihin girmansa, biyu a tsage.

Kada in yi muku wata tallar a nan: ba a yi rububi ba. Masu tambaya ma raguwa suka yi. Amma da can mutum goma za su rubuto “nawa?”, “da laushi?”, “kilo nawa ne?”, Yaya ta ƙone kuɗin waya tana amsawa, ɗaya ya saya. Yanzu wanda ya rubuto ya riga ya san amsa, sai dai ya ce a auna masa kaza. Wata mai kunun aya a Damagaram ta sayi tiya biyu, bayan mako ta sake sayen shida. Kuma rubutu bai sa ƙaramin dabino ya girma ba. Wanda ke neman mai laushi ya wuce, mu ma mun huta da mayar da kuɗi.

Tun daga nan, duk kalmar da zan rubuta sai na yi mata tambaya ɗaya: idan na cire ta na manna a tallar sabulu ko atamfa, za ta zauna? “Lamba ɗaya” za ta zauna a ko'ina, don haka ba ta ce komai ba. “A jiƙa tun la'asar” kuwa dabinonmu kaɗai take nufi.

Da buhun ƙarshe ya kusa ƙarewa, Yaya ta ce in tura wa Hajiyar Yamai sabon rubutun. Na ji kunya, amma na tura. Ta amsa da daddare: “Da haka kuka rubuta tun farko, ɗana, da na san na fura zan saya. Ku auna mini tiya biyu.”