Sakin layin da bai samu lamba ba

Daren da zan tura takardar neman gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, sau huɗu na karanta bayanin da na rubuta game da kaina, kowane karo yana ƙara burge ni. Tambayar da suka yi kuwa, rabona da duba ta mako uku ke nan.

Da na buɗe ta, sai na ga abu uku suke nema cikin kalma 500: me ya sa na zaɓi wannan kwas na lafiyar al'umma, wane shiri na yi masa, me zan yi da shi in na gama. Na sa musu lamba 1, 2, 3, na bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya ina rubuta lambar da yake amsawa a gefensa.

Na biyu bai samu lamba ba. Labarin kakata ne da shekarar da kwalara ta shiga unguwarmu, kalma 140, kuma shi na fi so. Na yi ta ƙoƙarin cusa shi ƙarƙashin 1, ya ƙi shiga. Ya nuna abin da ya ja ni harkar lafiya, amma bai ce uffan kan kwas ɗin ba. Da aikin jinya nake nema, haka zan manna shi ba tare da na canza harafi ba. Tambaya ta 3 kuwa jimla ɗaya tak na ba ta.

Na rage labarin kakata ya koma jimla biyu, raina bai so ba. Gurbin da ya bari na cike shi da aikin sa ido kan ɓarkewar cututtuka da nake son yi in na koma gida.